Buhu nawa gindin fila zai ci?

Ranar zuba kankaren fandisho rana ce mai hayaniya a kowane filin gini. Tun da sanyin safiya leburori sun jeru da kwanon sarki a ka, masu shebur suna juya yashi da tsakuwa, mai ruwa yana kaiwa da komowa da jarkoki. Mai gini kuwa yakan tsaya gefe yana ƙirga buhunan siminti da ido. Idan aka kai rami na tara cikin goma sha biyu sai magini ya juyo ya ce masa, "Alhaji, siminti fa ba zai kai ba," to rigima ta tashi. Mai gini zai zargi ma'aikata da ɓarna ko sata, su kuma su ce tun farko an saya da ƙaranci. Sau da yawa babu ɓarawo a wurin. Kuskuren yana cikin takarda, a lissafin yawan kankaren da ramukan za su ci, musamman idan gindin ginshiƙan mai matakala ne ko mai gangara.

Gindin ginshiƙi, wanda magina ke kira bes, shi ne faifan kankaren da ake zubawa a ƙarƙashin kowace fila ita kaɗai. Aikinsa shi ne baza nauyi. Filar da aka saba gani a gidajenmu ba ta wuce santimita 23 a kowane gefe ba, daidai kaurin bulo mai inci tara, amma tana iya ɗauke da nauyin tan talatin na bene da bango da rufi. Idan aka ɗora wannan nauyi kai tsaye a kan ƙasa, filar za ta nutse kamar yadda tsinin sanda ke nutsewa a taɓo. Sai a ɗauka ƙasar wurin tana iya ɗaukar tan goma sha biyar a kowace sikwaya mita. Talatin a raba da goma sha biyar ya ba da biyu, wato ana bukatar faifan da faɗinsa ya kai sikwaya mita biyu. Faifai mai mita 1.5 a tsawo da mita 1.5 a faɗi yana ba da 2.25, ya isa har da rara ta nauyin faifan kansa. Wannan shawara ta injiniya ce, kuma ta dogara ne da irin ƙasar. Marmara mai tauri daban take da baƙar lakar yankin tafkin Cadi mai kumbura da damina, ta kuma bambanta da tsohon kududdufin da aka cike da shara a cikin birnin Kano. Da zarar injiniya ya fitar da awon a kan zane, abin da ya rage lissafi ne da duk wanda ya iya sau da tarawa zai iya bi.

A ɗauki gidan bene mai hawa ɗaya da filoli goma sha biyu, kowace da gindi mai mita 1.5 a kowane gefe, kaurinsa kuma a ƙarƙashin fila santimita 45. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba shi shafaffe kamar akwati. Lissafinsa tsawo sau faɗi sau kauri ne: 1.5 sau 1.5 sau 0.45, wanda ya ba da kubik mita 1.01. Goma sha biyu za su ci kubik mita 12.15. Babu inda za a ruɗe a nan, in dai an mayar da santimita zuwa mita kafin a fara. Wanda ya cakuɗa ƙafa da mita kuwa ya shiga uku, domin kubik mita ɗaya ta haura kubik ƙafa 35.

To me zai sa a bar wannan siffa mai sauƙi? Dalilin yana cikin yadda faifan ke wahala. Fila na danna shi daga sama a tsakiya, ƙasa na tura shi daga ƙasa ko'ina, don haka fikafikansa ke neman lanƙwashewa sama. Wannan lanƙwasa ta fi tsanani daidai jikin fila, tana raguwa har ta zama babu a baki. Haka ma haɗarin fila ta huda faifan ta wuce, a kewayen filar yake. Kaurin santimita 45 ana bukatarsa ne a tsakiya, a baki kuwa rabinsa ma ya wadatar. Kankaren da ke saman kusurwoyin akwati kusan zaman banza yake yi. Shi ya sa injiniyoyi ke sare shi, ko dai ta hanyar yin matakala, ko ta hanyar gangaro da saman daga fila zuwa baki.

Mai matakala akwati ne a kan akwati, kuma haka ake lissafa shi. A misalinmu, matakin ƙasa mita 1.5 ne a kowane gefe da kaurin santimita 25, wanda ya ba da kubik mita 0.563. Matakin sama mita 0.9 ne a kowane gefe da kaurin santimita 20, wanda ya ba da 0.162. Idan aka haɗa su an sami 0.725 a kowane gindi, goma sha biyu kuma 8.7. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki tsayin matakin sama tun daga ƙasan rami, wato a rubuta 45 maimakon 20, sai a ƙirga wani ɓangare sau biyu. Zanen injiniya yakan nuna tsayin duka a gefe ɗaya, tsayin kowane mataki a ɗaya gefen, kuma mai gaggawa yana iya karanta wanda bai dace ba.

Mai gangara ne ke da ɗan wuyar sha'ani, kuma a kansa ya kamata a tsaya. Shi ma gida biyu ne. Ƙasansa akwati ne miƙaƙƙe, a misalinmu mai kaurin santimita 20. Ba a barin bakin ya ƙare da kaifi kamar wuƙa, domin rodin da aka shimfiɗa a ƙasa yana bukatar kankaren da zai lulluɓe shi. Ƙa'idar gini ta Indiya mai lamba IS 456, inda wannan siffa ta yawaita, ta hana kaurin baki ya gaza santimita 15 ga gindin da ke zaune a kan ƙasa. Akwatin namu ya ci 1.5 sau 1.5 sau 0.20, wato kubik mita 0.45.

Samansa kuwa dala ce da aka yanke wa kai. Wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano, ya ƙaddara an kwashe buhunan saman an bar ta da shafaffen kai, to ya ga siffar. Ƙasanta mita 1.5 ne a kowane gefe, tsayinta santimita 25, kanta kuma santimita 40 a kowane gefe. An bar kan ya ɗara filar ne da gangan, domin kafinta ya sami ɗan dandamalin da zai kafa katakon fila a kai.

Dabarar da ke zuwa wa kowa a rai ita ce a ɗauki faɗin ƙasa da faɗin sama, a haɗa, a raba biyu, a ninka da tsayi. Faɗin ƙasa 2.25 ne, na sama 0.16, matsakaicinsu 1.205, sau 0.25 ya ba da 0.301. Wani kuma zai ce a ɗauki awon tsakiyar gangarar: rabin 1.5 da 0.4 shi ne 0.95, sau kansa 0.9025, sau 0.25 ya ba da 0.226. Duka biyun suna da kamar gaskiya, kuma duka biyun ba daidai ba ne. Na farko ya zarce, na biyu ya gaza. Dalili shi ne dalar tana tsukewa ta fuska biyu a lokaci guda, tsawo na raguwa, faɗi ma na raguwa, saboda haka girman kowane yanki ba ya sauka a miƙe kamar tsani.

Amsar gaskiya tsohuwa ce ƙwarai. Akwai wata takardar lissafi ta tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yanzu tana ajiye a gidan tarihi na Pushkin a birnin Mosko. Matsala ta 14 a cikinta dala ce mai yankakken kai, ƙasanta 4, samanta 2, tsayinta 6, kuma marubucin ya fitar da 56. Da ya bi hanyar matsakaici da ya sami 60. Hanyar da ya bi ita ce ake bi har yau:

```
V = h/3 × (a² + ab + b²)
```

A nan a gefen ƙasa ne, b gefen sama, h kuma tsayin gangarar kaɗai, ban da akwatin da ke ƙarƙashinta. A kalmomi: a ninka gefen ƙasa da kansa, a ninka gefen sama da kansa, a ninka na ƙasa da na sama, a tara ukun, sannan a ninka da sulusin tsayi. Ga gindinmu, 2.25 da 0.16 da 0.60 sun haɗu sun ba da 3.01. Sau 0.25 a raba uku ya ba da 0.251. A ƙara akwatin ƙasa mai 0.45, kowane gindi ya ci kubik mita 0.70, goma sha biyu kuma 8.41.

Bambancin 0.301 da 0.251 yana iya zama ƙarami a ido, amma a gindi goma sha biyu ya kai kubik mita 0.6, kusan buhu huɗu na siminti da yashinsu da tsakuwarsu. Idan ɗan kwangila ne ya kawo lissafin, mai gini ya biya kuɗin kankaren da ba a taɓa zubawa ba. Hanyar awon tsakiya kuma takan bar aiki da gibin kusan buhu biyu, kuma gibi a ranar zubi ya fi rara muni, domin jarabar da ke biyo bayansa ita ce a ƙara yashi a rage siminti a ramukan ƙarshe.

Ba kowane gindi ne gefunansa ke daidai ba. Inda iyakar fili ko wata fila ta matse wuri, injiniya kan zana shi mita 2.0 a tsawo da 1.4 a faɗi. Ga irin wannan akwai dabarar da ke aiki a kowane hali:

```
V = h/6 × (A1 + A2 + 4Am)
```

A1 faɗin ƙasa ne, A2 faɗin sama, Am kuma faɗin da za a samu in an yanka gangarar daidai tsakiyar tsayinta. Idan kan santimita 40 ne a kowane gefe, gangarar kuma santimita 30, to tsakiyar mita 1.2 ce da 0.9, wato 1.08. Sai 2.8 da 0.16 da 4.32 su ba da 7.28, sau 0.05 ya zama kubik mita 0.364. Wanda zai riƙe dabara ɗaya tak, wannan ya kamata ya riƙe, domin in aka gwada ta a gindinmu na farko ita ma 0.251 take bayarwa.

Yanzu ga siffofi uku a jere: akwati 12.15, matakala 8.7, gangara 8.41. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai kubik mita 3.7, fiye da buhu ashirin. Duk da haka ba kullum ne mai gangara ya fi araha ba, kuma wannan ne abin da masu son rage kuɗi kan manta. Mai matakala yana bukatar ƙarin katako da aikin kafinta, sannan dole a zuba matakan biyu a zama ɗaya tun na ƙasa bai daskare ba. Idan aka zuba na ƙasa yau, na sama gobe, an sami faifai biyu da ke kwance a kan juna, alhali injiniya ya yi lissafinsa ne a kan dunƙule ɗaya mai kaurin santimita 45. Mai gangara kuma yana son kankare mai kauri da hannu gwani. Gangarar misalinmu mai sauƙi ce, tana sauka santimita 25 cikin tazarar santimita 55, magini zai iya gyara ta da cokali. Amma in kwaɓin ya yi ruwa, sai ya sulale ya taru a baki, tsakiyar da ake son kauri ta zama ita ce siririya. In gangarar ta yi tsayi sosai, sai an rufe samanta da katako, a nan kuwa ribar ta fara zubewa. A ƙananan gindaye, masu mita ɗaya ko ƙasa da haka, abin da za a rage bai kai wahalar ba, akwati ya fi. Ribar gangara da matakala tana bayyana ne idan gindin ya yi faɗi da kauri kuma yana da yawa.

Kubik mita dai ba a sayar da ita a shagon siminti, don haka sai an mayar da ita buhu da tifa. Kwaɓin da aka fi sani a ƙananan gine-gine shi ne 1:2:4, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A filin aiki akan ɗauki buhu ɗaya a matsayin kwano biyu, sai a ba shi kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne kayan suna raguwa idan an kwaɓa, saboda yashi yana shiga ƙofofin tsakuwa, siminti da ruwa kuma suna shiga ƙofofin yashi. Masu ƙididdigar gini kan ninka da 1.54 domin cike wannan. Idan aka raba 1.54 gida bakwai, kason siminti kubik mita 0.22 ne, wanda ya yi daidai da kusan buhu 6.3 masu kilo 50. Yashi 0.44 ne, tsakuwa 0.88. In injiniya ya rubuta wani kwaɓi mai ƙarfi fiye da wannan, nasa za a bi, kuma adadin buhu zai ƙaru.

Gindayenmu masu gangara sun ci 8.41. A ƙara kashi biyar cikin ɗari na abin da ke zubewa a hanya da wanda ke maƙalewa a ƙasan wurin kwaɓi, ya zama 8.83. Wannan buhu 56 ne, da yashi kusan kubik mita huɗu, da tsakuwa kusan takwas. Ba a cire wurin da rodi ya cinye, domin bai taka kara ya karya ba.

Sai abubuwa biyu da kan faɗo daga lissafi. Na farko siririn kankaren da ake shimfiɗawa a ƙasan rami kafin a ajiye kwandon rodi, domin rodin kada ya kwanta a turɓaya. Kaurinsa santimita biyar ne, yakan ɗara gindin da santimita goma a kowane gefe, saboda haka 1.7 sau 1.7 sau 0.05 sau goma sha biyu ya ba da kubik mita 1.73. Kwaɓinsa mai rauni ne, 1:3:6, kuma zai ci kusan buhu takwas. Na biyu wuyan fila, daga saman gindi zuwa matakin ƙasa. In tsayinsa mita ɗaya ne, goma sha biyu za su ci kubik mita 0.63, buhu huɗu ke nan. Wanda ya manta da waɗannan biyun ya fara aiki da gibin buhu goma sha biyu.

Amma babban mai cin kankare shi ne ramin kansa. A wurare da yawa ba a kafa katako a gefen gindi, bangon ramin ne ke tare kankaren. Mai haƙa da diga ba ya yanka ƙasa kamar tela, kuma ƙasa mai yashi tana rubzawa. Idan ramin da ya kamata ya zama mita 1.5 ya fito 1.6, santimita biyar kacal a kowane gefe, faɗinsa ya tashi daga 2.25 zuwa 2.56. Gindin mai gangara da ya kamata ya ci 0.70 zai ci 0.79, ƙarin kashi goma sha uku cikin ɗari, kusan buhu bakwai a ramuka goma sha biyu. Rarar kashi biyar ba za ta rufe wannan ba. Maganinsa shi ne a shiga kowane rami da tef ana gobe zubi, a auna abin da aka haƙa, a sake lissafi da shi. Inda ramin ya buɗe da yawa, katako ko jerin bulo a gefe ya fi cika shi da kankare araha. Ramin da ya tsuke kuwa ba riba ba ne, domin faɗin da ƙasa za ta ɗauki nauyi a kai ne aka rage, sai a faɗaɗa shi.

Amfanin duk wannan lissafi ga mai gini shi ne yana ba shi lamba ɗaya da zai riƙe a ranar zubi. Kwaɓin buhu ɗaya na 1:2:4 yana fitar da kusan kubik mita 0.16, don haka gindi mai 0.70 ya kamata ya ci buhu huɗu da kusan rabi. Sai a ƙirga buhunan da aka farka wa rami na farko da na biyu. In biyun sun ci tara, aiki na tafiya daidai. In sun ci goma sha ɗaya, a duba faɗin ramin da zurfinsa kafin a zargi kowa. In kuwa sun cika da shida, to akwai matsalar da ta fi tsada: ko dai kwanukan yashi da tsakuwa sun wuce huɗu da takwas, ko kuma kaurin bai kai ba. Ana gane na biyun cikin sauƙi idan tun kafin zubi an ɗaura ɗan zare ko an shafa fenti a jikin rodin fila, daidai santimita 45 daga saman shimfiɗa, an kuma kafa 'yan turaku a gefen rami masu nuna santimita 20. Gyara yana yiwuwa ne kankaren na ɗanye kawai. Bayan kwana biyu za a mayar da ƙasa a rufe ramin, kuma daga nan babu mai sake ganin gindin sai wanda ya haƙa.